Yadda ake rubuta somin-taɓin gajeren fim: jeren bayyana sirri, allunan rubutu da bugun ƙarshe

Tun da muka saki ɗan tallan fim ɗinmu na Ruwan Asuba, wato somin-taɓinsa, matasa masu harkar fim a nan Damagaram suke tare ni da tambaya ɗaya, wasu a fada, wasu ta waya: yaya aka yi abu bai kai minti ɗaya ba amma ya hana mutane sakat? Da yawa suna zaton sirrin yana cikin kwamfuta ko a wata manhaja ta musamman. Gaskiya a takarda aka gama aikin, kafin a taɓa ko hoto ɗaya. Don haka zan bi da ku mataki-mataki, da rubutun da muka yi aiki da shi.

Sai na fara gaya muku labarin fim ɗin, don ku gane abin da aka nuna da abin da aka danne. Minti 14 ne. Wata tsohuwa ce, Inna, a unguwar Birni, idonta ya yi rauni, tana zaune da jikanyarta. Kullum da asuba sai su tarar da jarka biyu cike da ruwa a ƙofar gida, ba su aiki kowa ba, ba su biya kowa ba. Yarinyar ta ƙudura sai ta ga mai kawowa. Ashe ɗan tsohuwar ne da ta kora shekaru da suka wuce, kawun yarinyar ke nan.

1. Fitar da tambaya ɗaya tak

Ka ɗauki biro ka rubuta, a layi guda, tambayar da kake so ta maƙale wa mai kallo bayan hoton ya ɗauke. Tamu ita ce: wa ke kawo ruwan? Idan ka ga tambayarka ta zama biyu ko uku, ko sai ka sa "kuma" a tsakiya kafin ta cika, ba ka gama tunani ba tukuna, kada ka wuce.

A nan somin-taɓi ya bambanta da cikakkiyar tirela. Tirelar babban fim tana iya kai minti biyu, ta gabatar da jarumai, ta nuna rikici, ta ɗanɗana maka wasu wurare masu zafi. Fim mai minti 14 ba shi da wannan yalwar. Yawanci sirri ɗaya gare shi, in ka bayar da shi a talla, me ya rage wa wanda zai zo kallo?

Gargaɗi: tambayar ta zama wadda fim ɗin ya amsa da gaske. Na ga talla da aka cika da gudu da ihu, aka zo kallo sai ga fim mai sanyi na cikin gida. Mutane suka tashi suna jin an yaudare su, alhali fim ɗin ba shi da laifi.

2. Raba abin da ke cikin fim gida uku

Ka zauna ka kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, takarda a hannu, ka ja layi biyu ta zama gida uku. Gidan farko na abin da za a nuna a fili. Na biyu na abin da za a nuna rabi, kamar hannu ba fuska, ko murya ba mai ita. Na uku na abin da ba zai shiga ba ko ana ha-maza-ha-mata. Duk hoton da ka zaɓa, ka rubuta mintinsa da daƙiƙarsa a gefe, don kada mai haɗa hoto ya ɓata yini yana nema.

A namu, ƙofar gida da jarkoki da Inna da yarinyar suka shiga gidan farko. Ƙafafun mai kawo ruwan da hannunsa da ƙarar kurarsa suka shiga na biyu. Fuskarsa, da kalmar "ɗana", da duk abin da ya faru a minti huɗu na ƙarshe, suka shiga na uku.

Ga inda muka yi tuntuɓe a karon farko. Akwai wani tsohon hoto a bangon ɗakin Inna, na wani saurayi sanye da hula. Mun sa shi a tallan saboda ya yi kyau a ido. Can gaba kuma, a cikin duhu, an ga inuwar mai kawo ruwan da hula irin wannan. Kowanne shi kaɗai bai faɗi komai ba, amma da aka jera su a cikin daƙiƙa ashirin, mutum na farko da muka nuna wa ya ce, "Ai ɗanta ne." A cikin fim minti tara ne tsakanin hotunan biyu, mai kallo ya riga ya manta da hular. A talla kuwa suna maƙwabtaka. Saboda haka idan ka gama rabon, ka sake duba gidan farko da na biyu tare, ka tambayi kanka: in aka haɗa wannan da wancan, suna tona na ukun? Mu dai hoton bangon muka cire.

3. Tsayar da tsawo da siffa kafin ka rubuta

Ka san inda za a kalli abin. A Damagaram yawanci a waya ne, a WhatsApp da Facebook da TikTok, kuma da data mai tsada. Sitatus na WhatsApp ya daɗe yana yanke bidiyo a daƙiƙa 30, a 2024 aka ƙara zuwa minti ɗaya. Ni shawarata ka tsaya tsakanin daƙiƙa 40 da 50. Namu 47 ne. Idan ya zarce iyakar, za a raba shi biyu, bugunka na ƙarshe, wato maganar da ke zuwa bayan sunan fim, ya faɗa kashi na biyu da yawancin mutane ba za su buɗe ba.

Sai siffa. An ɗauki fim ɗinka a kwance, 16:9, waya kuwa a tsaye ake riƙe ta, 9:16. Idan za ka fitar da na tsaye, gefe da gefe za a yanke, kusan kashi biyu cikin uku na faɗin hoton zai tafi. Hoton da mutum biyu suke a gefuna daban-daban ba zai tsira ba. Tun a mataki na biyu ka fifita hotunan da abin kallo yake tsakiya.

4. Rubuta shi a gida huɗu, da lokaci

Takardar rubutun tana da gida huɗu: lokaci, hoto, sauti, rubutun allo. Ga namu yadda ya tsaya a ƙarshe.

0:00–0:05. Ƙofar gida da hasken asuba, jarka biyu a ajiye. Carar zakara, da ƙarar kura tana yin nisa.

0:05–0:10. Hannun Inna yana laluben jarka. Ta ce, "Yau ma an kawo."

0:10–0:13. Allo: KULLUM DA ASUBA

0:13–0:17. Yarinyar ta tare ɗan ga-ruwa: "Kai ne?" Ya ce, "Ni ban taɓa shiga lungunku ba."

0:17–0:20. Maƙwabciya ta girgiza kai, ta saki labule. Gurmi ya shigo a hankali.

0:20–0:24. Allo: BA A SAN MAI KAWOWA BA

0:24–0:33. Dare. Yarinyar a bayan ƙofa da tocila, daƙiƙa 2. Idonta a tsagar ƙofa, 2. Tayar kura, ɗaya da rabi. Ƙafafu cikin silifa, ɗaya da rabi. Hannu mai tabo yana sauke jarka, 2. Gurmi yana ƙara sauri.

0:33–0:35. Hannun yarinyar ya kai kan sakata. Kiɗa ya ɗauke ɗif.

0:35–0:36. Baƙi, shiru.

0:36–0:39. Allo: RUWAN ASUBA

0:39–0:43. Hannun Inna ya sauka a kan na yarinyar. Da raɗa: "Kada ki buɗe. Na san takunsa."

0:43–0:47. Allo: rana, wuri da lokacin nunawa.

Gargaɗi kan daƙiƙar farko: kada ka buɗe da baƙin allo, kuma kada ka buɗe da tambarin kamfaninku. Sau da yawa hoton farko shi waya take nunawa kafin a danna, in baƙi ne mutum zai ɗauka bidiyon bai sauka ba. Tambari mai juyi na daƙiƙa shida kuma ya cinye kashi ɗaya cikin takwas na lokacinka, a daidai inda ɗan yatsa ya fi saurin turewa. In dole ne a ga tambarin, a sa shi ƙarami a allon ƙarshe.

5. Jera bayyanawa: kowace ta biya bashi, ta ci sabo

Wannan ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi aka fi ɓatawa. Dubi rubutun da ke sama, za ka ga sau huɗu mai kallo ya samu sabon abu. A daƙiƙa ta 5 ya san ruwa yana zuwa da kansa kuma ba yau aka fara ba, kalmar "ma" a bakin Inna ita ta ɗauki wannan nauyin gaba ɗaya. A ta 13 ya san ba ɗan ga-ruwan unguwa ba ne. Wajen ta 30 ya ga cewa mutum ne mai ƙafa da hannu, ba aljani ba, kuma yana da tabo. A ta 39 ya san Inna ta san shi. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta taɓa wuce daƙiƙa goma sha 'yan kai ba. Idan ka bar mai kallo ya fi haka bai ƙaru da komai ba, ya tafi.

Kowace bayyanawa tana rufe ƙofa ɗaya ta buɗe wata. Mai kallo ɗan Damagaram, wanda ya san wahalar ruwa da kuɗin jarka lokacin zafi, abin da zai fara faɗo masa shi ne: ai wani ya biya ɗan ga-ruwa sadaka. Dole ka kashe wannan zaton da wuri, shi ya sa maganar ɗan ga-ruwa ta zo ta biyu. Da mun bar ta sai ƙarshe, da mutum ya yi daƙiƙa talatin yana ganin ya riga ya san amsa. To ka zauna ka yi tunanin amsar da ta fi sauƙi wadda mutanenka za su ba tambayarka, ka rushe ta a kashi ɗaya cikin uku na farko.

Sai tsawon hotuna. Ka lura sun fara daga 5, 5, 4, 3, suka sauko 2, har ɗaya da rabi. Ido yana jin wannan matsewar ko da mutum bai ƙirga ba. Amma ka lura kuma hannun mai tabo mun mayar da shi 2, bayan biyu masu ɗaya da rabi. Abin da kake so a tuna sai ka ba shi numfashi. Da farko daƙiƙa ɗaya muka ba shi, cikin mutum biyar babu wanda ya ga tabon.

Kuskuren da na fi gani wajen yaranmu shi ne a fara da gudu tun daga daƙiƙar farko, kowane hoto rabin daƙiƙa, ana ganin haka ne zafi. Wanda ya fara da gudu ba shi da inda zai ƙara. Akwai kuma masu bin jerin fim ɗin yadda yake, farko, tsakiya, kusa da ƙarshe, sai talla ta zama taƙaitaccen labari. Ba dole ka bi jerin fim ba. Maƙwabciyar nan a fim tana zuwa ne kafin ɗan ga-ruwa, mu muka juya su don maganarsa ta fi nauyi.

6. Allunan rubutu

Allo uku ko huɗu sun isa, har da na suna da na rana. Aikin allo shi ne ya faɗi abin da hoto ba zai iya ba cikin gaggawa. Hoto zai nuna jarka a ƙofa, amma ba zai nuna "kullum" ba sai an maimaita shi sau uku, allo kuwa ya gama da shi cikin daƙiƙa 3. Idan allonka yana faɗin abin da ido ya riga ya gani, share shi.

Kalmomi kada su wuce shida. Ma'aunin lokacinsa mai sauƙi ne: ka karanta da ƙarfi sau biyu ba tare da gaggawa ba, tsawon da ya ɗauka shi ne tsawon allon. Ka tuna da yawa cikin masu kallonmu a makaranta Faransanci suka fi karantawa, wasu kuma ajami suka fi sabawa da shi, Hausar boko tana ɗan ɗaukar su lokaci. Don haka in kana shakka, ƙara rabin daƙiƙa. Kuma kada ka ɗora ma'anar tallar gaba ɗaya a kan rubutu. Wanda bai karanta ko ɗaya ba ya kamata ya gane tambayar daga hoto da murya.

Ga wani tarko da Hausa kanta take ɗanawa. Allonmu na biyu da farko cewa ya yi BA WANDA YA GAN SHI. Wannan "shi" ɗin ya riga ya faɗi cewa namiji ne, a daƙiƙa ta 20, alhali muna so a ji hakan a bakin Inna a ta 39. Hausa ba ta barin ka ambaci mutum ba ka nuna jinsinsa ba, sai ka yi dabara. "Mai kawowa" bai nuna ba, "an kawo" bai nuna ba. Ka bi rubutunka kalma-kalma ka duba duk wani shi, ita, ya, ta, ko sun riga ka magana.

Gargaɗi kan haruffa: yawancin salon rubutu masu ado da ke cikin CapCut da KineMaster ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Ko dai su fito da ɗan akwati, ko harafin ya fito da wani salo daban a tsakiyar kalma. Ka gwada rubuta "ƙofa, ɗaki, ɓoye, ƴaƴa" kafin ka zaɓa. Noto Sans da Andika suna da su, kuma kyauta ne. Salo ɗaya ka riƙe daga farko har ƙarshe, fari a kan baƙi, a tsakiyar allo, domin sama da ƙasa da gefen dama akwai maɓallan manhaja da za su hau kan rubutun.

Idan za ka sa fassarar Faransanci don masu kallon Yamai ko wani bikin finafinai, ka fitar da kwafi na daban. Harshe biyu a allo ɗaya na daƙiƙa 3 ba wanda zai karanta ko ɗaya.

7. Bugun ƙarshe

Bayan sunan fim ya fito, mai kallo yana ɗauka an gama, ya saki jiki. A wannan sakin jikin ake bugunsa. Shi ya sa maganar Inna ta zo bayan allon suna. Da ta zo kafinsa, da ta zama ɗaya daga cikin jerin hotunan dare, ta wuce cikin hayaniya.

Abu uku ke sa ya kama. Na ɗaya shiru. Kiɗan ya ɗauke a 0:33, bai dawo ba har ƙarshe, don haka raɗar tsohuwa ta cika kunne. Daƙiƙa ɗaya ta baƙin allo, wato firem 25 idan a 25 kuka ɗauka, ta isa. In ta kai uku, mutum zai ɗauka data ce ta yanke. Na biyu gajarta: layi ɗaya, hoto ɗaya, kada ya wuce daƙiƙa 5. Na uku, wanda ya fi su duka, shi ne ya canza tambayar. Mun shigo da "wa ke kawo ruwan?", mun fita da "me ya sa ta san shi amma ba ta so a buɗe?" Tambaya ta biyun ita ce zuciyar fim ɗin, ita ce kuma ta kawo mutane.

Mun yi gardama sosai a kan wannan layin. Mai ɗaukar hotonmu yana ganin ya tona da yawa, ya fi so a tsaya a hannu kan sakata. Ni kuma na ce hannu kan sakata kowane tallan fim mai ban tsoro yana da shi, ba ya nuna cewa namu labarin uwa ne da abin da ke cikin ranta. Gwaji ne ya raba mu, kamar yadda za ku gani a ƙasa. Layin yana cikin fim ɗin da gaske, a minti na tara. Kada ka ƙirƙiri abin da babu shi don talla, masu kallo za su zauna suna jiransa.

Allon rana shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi kowane allo buƙatar lokaci, domin lambobi ne. Rana, wuri, ƙarfe nawa, shi ke nan. Sunayen duk ma'aikata su jira ƙarshen fim. Idan ba ku tsayar da rana ba tukuna, ka rubuta watan kawai, ya fi "nan ba da jimawa ba" da ba ya sa kowa shiri.

8. Sauti, kayan aiki da kuɗi

Kada ka ɗauko waƙar wani daga intanet. Facebook da YouTube suna gane ta, su kashe sautin ko su toshe bidiyon, kuma haƙƙin mai ita ne. Mu mai gurmi muka kira, muka nuna masa rubutun, ya kaɗa daƙiƙa goma sha shida da suke ƙara sauri, muka rubuta yarjejeniya a takarda kowa ya sa hannu. Tunda asuba ce, wani ya kawo shawarar a sa kiran salla. In za ka sa, kada kiɗa ya hau kansa. Mu zakara muka zaɓa muka huta.

Raɗar Inna ta cikin fim ba ta fita a lasifikar waya, sai da muka sake ɗaukar ta a ɗaki mai katifa da labule, bayan sallar isha da ƙarar kabu-kabu ta lafa, muka kashe fanka. Da yake da yawa suna kallo ba sauti, mun sa maganganun a rubuce ƙanana a ƙasan tsakiya.

Abin da muka kashe: sefa 10.000 ga mai gurmi, 15.000 ga mai haɗa hoto na kwana biyu, 3.000 na data da kuɗin kabu-kabun Inna. Rubutun kansa bai ci ko dala ba sai dare uku. Wanda ke da kwamfuta mai ɗan ƙarfi, DaVinci Resolve yana da na kyauta. Wanda waya kawai gare shi, CapCut zai yi wannan aikin duka. A fitar da shi MP4, H.264, 1080x1920 na tsaye, 1920x1080 na kwance.

9. Gwaji kafin saki

Ka fara tura wa kanka ta WhatsApp, ka kalla a ƙaramar waya, a waje da rana. Manhajar tana matse bidiyo, kuma hotunan dare su suka fi shan wuya, sai su zama taɓo. Ƙafafun nan da tayar kura sai da muka ƙara musu haske fiye da yadda suke a fim.

Sannan ka nemi mutum biyar da ba su ga fim ɗin ba kuma ba su san labarin ba, kada su zama duk abokanka na fada. Mu mun haɗa da wata mai tuwo da wani tela a Zango. Kowa ya kalla shi kaɗai, sau ɗaya, kada ka yi masa bayani. Kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, kunya za ta sa ya ce e. Ka tambaye shi abu uku: mene ne sunan fim ɗin, yaushe za a nuna, kuma wa yake zaton yana kawo ruwan.

Idan sun kasa faɗin suna ko rana, allunan sun yi gajarta. Idan duk biyar sun ba da amsa ɗaya kuma daidai, ka tona, koma mataki na biyu. Idan sun ce ba su gane abin da ake nema ba, ka ɓoye da yawa, koma na biyar. Da muka gwada kwafin da ya tsaya a sakata, uku sun ce fim ɗin aljanu ne. Da muka gwada mai maganar Inna a kan wasu biyar, ɗaya ya ce mijinta ne, ɗaya ya ce wani da ya taɓa cutar ta, ɗaya ya ce ɗanta, telan ya ce tsohon saurayinta, mai tuwon kuma ta ƙi ba da amsa, ta ce a sake kunna mata. Wannan kwafin muka saki, kwana goma kafin ranar nunawa.